Fassara katin garanti da takardar mayar da kaya zuwa Larabci: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu shaguna, yaran shago da masu yi wa mutane fassara a Njamena, Kuseri, Marwa da Garwa. Kaya na zuwa da kati cikin Faransanci ko Turanci, wani lokaci Sinanci, mai saye kuwa Larabci ya fi iya karantawa. Galibi hoton katin kawai ake turo wa mai fassara ta waya, ba ya riƙe takardar da hannunsa.

1. Me ake so fassarar katin garanti ta fito da shi?

Abu uku mai saye yake nema a katin ranar da kayansa suka lalace. Na farko wa'adi: garantin na tsawon wane lokaci ne, daga wace rana ya fara, kuma a kan wane sashe na kayan. Na biyu togaciya, wato irin lalacewar da kamfani ya ce ba ruwansa da ita. Na uku sharuɗɗa: abin da aka ɗora wa mai saye ya yi, ko aka hana shi yi, kafin a saurare shi. In mai karanta Larabcin ya iya amsa waɗannan uku ba tare da ya tambayi kowa ba, fassara ta yi. In ya kasa, ko Larabcin ya yi daɗin karatu, aiki bai kammala ba.

Don haka a nan ba a neman kwalliyar harshe. Jimla gajera, ma'ana ɗaya, kuma duk kalmar da aka zaɓa wa abu a layin farko ita za a riƙe har layin ƙarshe. Wanda ya kira garanti da suna ɗaya a sama, ya sauya masa wani a ƙasa don gudun maimaici, ya sa mai karatu ya zaci abu biyu ake magana a kai.

2. Da wane Larabci za a rubuta, na littafi ko na kasuwa?

A rubuta da Larabcin littafi, a yi bayani da baki cikin Larabcin Cadi ko Hausa. Larabci da Faransanci su ne harsunan hukuma a Cadi, kuma Larabcin da ake rubuta takardu da shi na littafi ne. Shi ne wanda wakilin kamfani a Dubai ko Jidda zai fahimta in an tura masa hoton. Larabcin da ake ciniki da shi a kasuwar Dembe ya fi saurin shiga kunne, amma ba shi da tsayayyar ƙa'idar rubutu da kowa ya yarda da ita, kuma irin wannan takarda ba ta son kalmar da mutum biyu za su karanta ta hanya biyu.

Kalmar garanti ita ce ضمان. A wasu ƙasashen, musamman yankin Sham, za ka ga كفالة a kan kati, ma'anarsu ɗaya a wannan fage, amma ta farko ta fi yaɗuwa. Kada a haɗa ta da تأمين, wannan inshora ce, kuma inshora kan biya abin da garanti ba ya biya, kamar sata ko gobara.

3. Yaya za a ɗauki hoton da zai isa a yi fassara da shi?

A shimfiɗa katin a kan tebur inda hasken rana yake amma ba ya dukan takardar kai tsaye, a kashe filashin waya, domin yawancin katunan suna da sheƙi kuma filashi kan wanke layi biyu ko uku a tsakiya. A ɗauki gaba da baya, kusurwoyi huɗu duk su fito. Sannan a matso a sake ɗaukar ƙananan rubutun ƙasan katin daban, saboda can ake ajiye togaciya. A haɗa da hoton rasit, wanda a wurarenmu ake ce wa faktir, da hoton lambar da ke manne a jikin kayan. In waya ce, a danna `*#06#`, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, a ɗauki hotonta.

Wajen turawa ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don manhajar kan matse hoto har ƙananan haruffa su narke. In takardar sharuɗɗan a manne take a bangon shago, a tsaya daidai gabanta, kada a ɗauka ta gefe, kuma a sa sunan shagon ko tambarinsa ya fito a hoton. Rasit ɗin da inji ke fitarwa a kan siririyar takarda mai santsi yana kodewa da zafi. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Njamena ke wuce digiri 40, rasit da aka bari a aljihun mota ba ya daɗewa kafin ya koma fari fat. A ɗauki hotonsa ranar da aka saya.

4. Katin ya ce wata 12. Ba shi ke nan ba?

A'a, rabin magana ke nan. Wata 12 daga yaushe? Kati na iya cewa daga ranar saye, daga ranar da aka kai kaya, daga ranar da aka girka su, ko daga ranar da aka ƙera su. Mafi yawan katunan Faransanci suna ɗauke da « à compter de la date d'achat », Larabcinsa اعتباراً من تاريخ الشراء. Ranar kai kaya تاريخ التسليم ce, ranar girkawa تاريخ التركيب, ranar ƙera kuma تاريخ الصنع. Ta ƙarshen nan ce mai cin mutane, kuma a kan batir aka fi ganinta: batirin da ya yi wata bakwai tsakanin jirgin ruwa, tashar Duwala da sito, in garantinsa na wata 12 daga ranar ƙera yake, wata biyar kawai suka rage wa wanda ya saya. Wasu katunan kuma sukan ce daga ranar saye ne in akwai rasit, in babu sai a koma ranar ƙera. Wannan jimla ta biyu dole ta fito a fassara.

Janareto kan zo da wa'adi mai kai biyu, misali wata 12 ko awa 1000 na aiki, duk wanda ya riga cika. A Faransanci « au premier des deux termes échu », a Larabci أيهما أسبق. In aka bar wannan gutsuren, ma'ana ta juye gaba ɗaya. Janareton da ke aiki awa 8 kullum zai cinye awa 1000 cikin kwana 125, wato wata huɗu da 'yan kwanaki, alhali mai shi yana ganin yana da shekara guda.

5. A jikin kwali an rubuta garantin shekara 10, katin ciki kuma ya ce shekara 1. Wanne za a fassara?

Duka biyun, kowanne da abin da ya shafa. Kusan kullum babban adadin da ke jikin kwali na sashe ɗaya ne, misali kwamfaresan firij ko motar injin wanki, ƙaramin kuma na kayan gaba ɗaya. A Larabci kowane wa'adi ya samu layinsa, sunan sashen a gaba. Kada a tara su a jimla ɗaya, don idon mai karatu kan babban adadi yake sauka ya manta da sauran.

A kuma duba ko dogon wa'adin ya haɗa da ladan gyara. « Pièces et main-d'œuvre » na nufin kayan gyara da kuɗin aiki duka, قطع الغيار وأجور الإصلاح. « Pièce uniquement » kuwa sashen kawai za a ba ka, kai za ka biya mai ɗaurawa. Faifan sola ma haka yake: akwai garantin lafiyar faifan kansa, akwai kuma na ƙarfin wutar da yake bayarwa, wanda kan kai shekara 25 kuma alkawarinsa shi ne wutar ba za ta sauka ƙasa da wani kaso ba, galibi wajen kashi 80 cikin ɗari. Wannan na biyun bai ce za a canja maka faifan da gilashinsa ya fashe ba. Misali cikakke yana tambaya ta 11.

6. An ce a mayar da kaya cikin kwana 7. Yaya ake ƙirgawa?

Faransanci yana da kwanaki iri uku, kuma duka ana samunsu a takardun shaguna. « Jours calendaires » kowace rana ce, har Lahadi da ranar hutu. « Jours ouvrables » Litinin zuwa Asabar ne, ban da Lahadi da ranakun hutun hukuma. « Jours ouvrés » kuma ranakun da ake aiki a zahiri, a al'ada Litinin zuwa Juma'a. Ga bambancin a aikace: wanda ya sayi kaya ran Litinin 10 ga Maris 2025, in aka fara ƙirge daga washegari, kwana bakwai irin na farko suna cika ran 17, irin na biyu ran 18, irin na uku ran 19.

Larabci yana da أيام تقويمية don na farko, amma biyun ƙarshe duk أيام عمل ake ce musu. Saboda haka a ƙara bayani a gefe: من الاثنين إلى السبت ko من الاثنين إلى الجمعة. Wannan ƙarin yana da amfani ta wata fuskar ma, domin mai karatun da ya saba da Saudiyya, inda hutun mako Juma'a da Asabar ne, zai ƙirga ranakun aiki ta wata hanya daban. In katin ya ce « 7 jours » kawai bai fayyace ba, a fassara kwana 7 kawai, sannan a shawarci mai saye ya ɗauki ƙirge mafi gajarta.

Sai a kula da « huit jours » da « quinze jours ». A bakin mai Faransanci mako ɗaya da mako biyu yake nufi, amma a takarda an rubuta 8 da 15. A bar su 8 da 15. Mai fassara ba shi da hurumin rage wa mai saye kwana ɗaya don ya san yadda Faransawa ke magana.

7. Me ya sa lambobi da kwanan wata ke rikicewa a Larabci?

Larabci daga dama yake tafiya, lambobi kuma daga hagu, to in suka haɗu a layi ɗaya tare da karan ɗori ko karan tsaye, waya ko kwamfuta na iya juya jerinsu. Abin da aka rubuta 12-24 sai ya fito 24-12 a wata wayar. Maganinsa a daina amfani da karan ɗorin, a rubuta من 12 إلى 24 شهراً. Lambar samfuri, lambar jikin kaya da IMEI kuwa kowace a ba ta layinta ita kaɗai, a kwafe ta yadda take da haruffan boko, ba a fassara ta, ba a mayar da ita haruffan Larabci.

Mun fi son a yi amfani da alƙaluman 1, 2, 3 da kowa ya sani a yankin nan. Alƙaluman gabas suna da tarko ga wanda bai saba ba: ٥ biyar ce amma kama take da sifili, ٦ shida ce amma kama take da bakwai, sifilinsu kuma ɗigo ne da ƙura a kan hoto za ta iya haifarwa ko ta ɓoye. Kuma duk wa'adi a rubuta shi da lamba da kalma. Shekara biyu a Larabci kalma ɗaya ce ba lamba, سنتين, kuma a hoto mai dishi-dishi ba ta da nisa da ستين, wato sittin, ko سنين, wato shekaru. Rubuta 24 شهراً ya rufe wannan ƙofa.

Kwanan wata kuma a rubuta sunan watan. 03/04/2025 a katin Faransanci 3 ga Afrilu ne, a katin da aka tsara wa Amurka 4 ga Maris ne, na Sin kuwa shekara suke fara sawa, sai wata, sai rana. A yi amfani da sunayen watanni irin su مارس da أبريل, waɗanda aka saba da su a Cadi, Sudan da Masar, ba آذار da نيسان na Sham ba. In rasit daga Saudiyya yake kuma da kwanan Hijira, a bar shi yadda yake, a sa na miladiyya kusa da shi. Shekarar Hijira ta gaza ta miladiyya da kusan kwana 11.

8. Mene ne bambancin "garanti bai shafi wannan ba" da "garanti ya faɗi"?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a shafin nan, kuma nan fassara ta fi karkacewa. Togaciya na cewa: wannan lalacewa ba za mu gyara kyauta ba, amma garantinka yana nan a kan sauran. Sokewa kuma na cewa: da zarar ka yi kaza, garantin gaba ɗaya ya tafi, har a kan abin da bai da alaƙa da abin da ka yi. Na farko a Faransanci « sont exclus » ko « ne couvre pas », Larabcinsa لا يشمل الضمان. Na biyu « annule la garantie », Larabcinsa يسقط الضمان ko يُلغى الضمان.

Ɗauki waya. Gilashinta ya fashe, katin kuma ya sa fashewa cikin togaciya. Mai ita zai biya kuɗin gilashi, amma in bayan wata biyu lasifikarta ta mutu da kanta, yana da haƙƙin gyara. In kuwa ya kai ta wurin mai gyaran bakin titi aka buɗe ta aka canja gilashin, kuma katin ya ce buɗewar wanda kamfani bai amince da shi ba tana soke garanti, to lasifikar ma ta fita. Fassarar da ta mayar da sokewa togaciya za ta sa mutum ya kai wayarsa kasuwa hankali kwance. Wadda ta mayar da togaciya sokewa kuma za ta sa ya haƙura da haƙƙin da yake da shi.

Abubuwan da aka fi togewa a kayan wuta su ne hauhawar wuta, tsawa, shigar ruwa ko tsatsa, fashewa, da tsufan yau da kullum, sai kayan da ke ƙarewa da amfani kamar fiyus da matata. Masu sokewa kuwa galibi uku ne: cire hatimin da ke kan sukurori, goge lambar jikin kaya, da gyaran wanda ba a amince da shi ba. A kula da « usage professionnel » ma. Firizar da aka tsara wa gida, in aka sa ta sana'ar ƙanƙara ko ruwan sanyi, katuna da yawa kan fitar da ita ko su gajarta wa'adinta, kuma a garuruwanmu da yawan firizoji don sana'a ake sayensu.

9. Waɗanne ƙananan kalmomi ne ba a yarda a tsallake ba?

« Notamment » tana gaba. In ta zo kafin jerin togaciya, jerin misali ne kawai, kamfani na iya kawo wani dalili da bai lissafa ba. Larabcinta على سبيل المثال لا الحصر. In an bar ta, mai karatu zai ɗauka abin da ya gani shi ke nan. Sai « sauf » da « hors », masu ma'anar ban da, باستثناء. « Garantie 2 ans hors batterie » shekara biyu ce ban da batir, kuma kalmar da ta fitar da batirin haruffa huɗu ce, ninkin takarda ma na iya ɓoye ta.

Sai bambancin dole da zaɓi. « Doit » wajibi ne, يجب ko يلتزم. « Peut » dama ce, يجوز ko يحق له. In kati ya ce kamfani na iya gyarawa ko canjawa bisa zaɓinsa, « à sa discrétion », dole Larabcin ya nuna zaɓin na kamfani ne, وفق تقديرها. Mai saye da ya zo yana neman sabuwa alhali kamfani ya zaɓi gyara, sau da yawa wannan gutsuren ne bai isa gare shi ba.

10. A takardar mayar da kaya, me ya sa ake rigima bayan an karɓi kayan?

Saboda karɓar kaya daban, abin da za a ba ka a madadinsu daban. « Remboursement » mayar da kuɗi ne, استرداد المبلغ. « Échange » musaya ce da wani kaya, استبدال. « Avoir » kuma takardar bashi ce a kan shagon: ba za a ba ka kuɗi ba, sai dai ka ɗauki wasu kaya na wannan ƙima a wurinsu, kuma sau da yawa ita ma tana da wa'adinta. Mai gaggawa kan ɗauke ta a matsayin aikatau na mallaka ya wuce. A rubuta رصيد شراء لدى المحل، غير قابل للصرف نقداً in takardar ta ce ba a mayar da shi kuɗi.

A fito da sharuɗɗan ma ɗaya bayan ɗaya: kwalin asali, kayan ba a yi amfani da su ba, dukkan tarkacen da suka zo da su, rasit na asali, da wanda zai biya kuɗin mota. « Ni repris ni échangé » yana da takwaransa da kowane mai karanta Larabci ya sani a bangon shaguna, البضاعة المباعة لا تُرد ولا تُستبدل. Sai dai wannan magana ce kan wanda ya canja ra'ayi ko ya ga kayan ba su yi masa ba. Ba ita ce ke hukunta kayan da suka lalace cikin wa'adin garanti ba, don haka takardu biyun a fassara su daban, kowace da kanta. Ƙirgen kwanaki yana tambaya ta 6.

11. Za a iya nuna misali daga farko har ƙarshe?

A ɗauka wani ya sayi firiza a Kuseri ran 10 ga Maris 2025, ya haye gadar Ngeli da ita zuwa Njamena. Katin ya ce: « Garantie 12 mois pièces et main-d'œuvre à compter de la date d'achat. Compresseur : 5 ans, pièce uniquement. Sont exclus notamment les dommages dus aux surtensions, à la foudre et au transport. Toute intervention d'un réparateur non agréé annule la garantie. Présentation de la facture originale obligatoire. » Jimla biyar ne: biyu na wa'adi, ɗaya togaciya, ɗaya sokewa, ɗaya sharaɗi. Fassarar ta zama layi biyar:

مدة الضمان: 12 شهراً (اثنا عشر شهراً) اعتباراً من تاريخ الشراء، ويشمل قطع الغيار وأجور الإصلاح.
الضاغط: 5 سنوات (خمس سنوات)، ويشمل القطعة فقط.
لا يشمل الضمان، على سبيل المثال لا الحصر، الأضرار الناتجة عن ارتفاع الجهد الكهربائي أو الصواعق أو النقل.
يسقط الضمان عند أي تدخل من فني غير معتمد.
يجب تقديم الفاتورة الأصلية.

A layi na uku mun sa أو a inda Faransanci ya sa « et », domin kowane ɗaya daga cikin ukun ya isa shi kaɗai, ba sai sun taru ba. Layi na biyu kuma bai faɗi ranar da shekara biyar ta fara ba, don katin bai faɗa ba, sai a yi alama a ƙasa kamar yadda tambaya ta 13 ta nuna. Yanzu a gwada. Firizar ta daina sanyi a ƙarshen Afrilu 2026, a wata na 14. Garantin gaba ɗaya ya ƙare tun Maris, amma in kwamfaresa ne ya mutu, za a ba shi sabo, shi kuma ya biya mai ɗaurawa, iskar gas da kuɗin ɗauka. In bincike ya nuna wuta ce ta dawo da ƙarfi ta ƙona shi, togaciya ta kama shi, ba zai samu komai ba. In an kwantar da ita a bayan mota wajen hayewa, aka kuma kunna ta nan take kafin man kwamfaresan ya koma mazauninsa, za a iya jingina lalacewar ga ɗauka. In kuwa a wata na shida ya kira mai gyaran unguwa ya taɓa ta, shekara biyar ɗin ma ta tafi tun ranar. Fassarar da ta ba mai firizar waɗannan amsoshi huɗu ita ce ta yi aikinta.

12. Kayan daga Dubai ko Sin suka zo. Garantin yana aiki a Cadi ko Kamaru?

Katin ne zai faɗa, kuma layin da ke faɗa yawanci a ƙasa can yake. Kayan kasuwar Dubai da yawa garantinsu na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne kaɗai, ko na ƙasashen ƙungiyar yankin Gulf shida: Saudiyya, Daular, Kuwait, Katar, Bahrain da Oman. Wayoyin da aka yi wa kasuwar cikin Sin suna zuwa da tsarin can na mayarwa cikin kwana 7, musaya cikin kwana 15 da gyara na shekara guda in kayan sun nuna aibi, amma a cikin Sin. Haka katin da aka buga wa Faransa zai ambaci garantin doka na shekara 2 da damar fasa sayayyar nesa cikin kwana 14, waɗanda haƙƙoƙi ne na wanda ya saya a can.

A fassara waɗannan layuka yadda suke, amma layin iyakar ƙasa a ɗaga shi sama, kusa da wa'adi: يسري هذا الضمان داخل دولة الإمارات فقط. Ko kati ya riga ya zo da Larabcinsa, a karanta wannan layin a nuna wa mai saye. Firizar tambaya ta 11 ma, wadda aka saya a Kamaru ake amfani da ita a Cadi, tana bukatar a duba mata wannan.

13. Wani wuri bai fito a hoto ba, ko an bar gurbi ba a cike ba. Me za a yi?

Kada a cike da zato, ko da ana ganin an san abin da aka saba rubutawa a wurin. A nemi sabon hoto. In bai samu ba, a rubuta [غير مقروء] daidai wurin. In gurbin ranar saye ko hatimin shago fanko ne, a rubuta [فارغ], a kuma gaya wa mai saye ya koma a cike masa tun da wuri, domin katuna da yawa ba sa aiki sai da hatimi da kwanan wata. Rubutun hannu da na hatimi su ma ana fassara su, a nuna cewa na hannu ne. Duk bayanin da mai fassara ya ƙara daga kansa, ya sa shi a ƙasa ƙarƙashin ملاحظة المترجم don kada ya gauraya da maganar kamfani. In sashen Faransanci da na Turanci na kati ɗaya sun saɓa, abin da ke faruwa a kayan da aka fassara katinsu daga Sinanci, a kawo duka biyun a faɗi cewa sun saɓa.

14. Alhaji mai shago ya ce in sassauta togaciyar don kada masu saye su tsorata, in kuma ƙara wata uku da yake bayarwa daga aljihunsa. Ya halatta?

Sassautawa ba ta halatta ba, kuma shi Alhajin ne zai fara shan wahalarta: ranar da kaya suka ƙone, mai saye zai zo da takardar Larabcin da shagon ya ba shi, kamfani kuma zai tsaya kan ta asali. Ƙarin wata ukun kuwa abu ne mai kyau, sai dai ba a cikin fassarar katin kamfani ba. A rubuta shi a takarda daban ko a bayan rasit, da taken ضمان المحل, a faɗi ranar farawa, abin da ya shafa, da ko gyara ne, musaya ko kuɗi, sannan Alhaji ya sa hannu ya buga hatimi.

15. Yaya za a gane fassarar ta yi daidai, kuma za ta tsaya a matsayin hujja?

A fara da ƙirge: duk lambar da ke katin asali a same ta a fassara, adadin abubuwan da aka toge ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu. Sannan a nemi duk kalmar korewa da ta togewa a asali, a tabbatar kowace tana da takwara. Daga nan a miƙa Larabcin ga wanda bai ga katin ba, a tambaye shi: yaushe garantin zai ƙare, me zai faru in wuta ta ƙona kayan, wa aka yarda ya buɗe su, me za a riƙo ranar kai ƙorafi. Inda ya yi jinkiri ko ya amsa ba daidai ba, layin nan ne za a sake.

Game da hujja, abin da wakilin kamfani zai karɓa shi ne katin asali da rasit. Fassarar tana tafiya tare da su ne, a manne da hoton asalin, da layi a ƙasa mai cewa in an sami saɓani nassin asali ne abin dogaro: في حال الاختلاف يُعتمد النص الأصلي. In magana ta kai kotu, can fassarar rantsattsen tafinta ake nema. Kuma abin da kati ya ce ba shi ne iyakar haƙƙin mai saye ba, Kamaru misali tana da dokar kare masu saye tun 2011, amma wannan tambaya ce ta lauya ko ƙungiyar kare masu saye, ba a shigar da ita cikin fassara.